Bidiyon Koyarwa a Dilimi: Ina Aka Tsaya, Ina Aka Tariyo, Wa Ya Ci Gwaji?

Duk wanda ya ratsa Dilimi a garin Jos da hantsi, tsakanin shagunan kayan gyaran mota da garejin da ke kewaye da su, zai ga yaran da ke koyon aiki riƙe da waya idan babu mota a gaba. Ba duka ne ke kallon wasan barkwanci ko ƙwallo ba. Da yawansu karatu suke: yadda ake bin wayar mota, yadda ake gwada batir, yadda ake gane na'urar da ta ƙone. Bidiyon koyarwa da Hausa sun yawaita, kuma abin farin ciki ne. Abin da ke damuna shi ne ma'aunin da muka yarda da shi wajen cewa wannan bidiyon ya yi kyau, wancan bai yi ba. Yaro na duba yawan layik kafin ya kashe datarsa. Mai koyarwa na duba yawan layik kafin ya yanke shawarar irin bidiyon da zai yi gobe. Hatta ƙungiyoyin da ke biyan kuɗi a shirya darussa, rahotonsu kan tsaya ne a yawan waɗanda suka kalla da waɗanda suka danna babban yatsa.

Ra'ayina shi ne wannan ma'aunin bai auna koyo. Wanda ke son sanin ko bidiyonsa ya koyar, abu uku zai duba: wurin da masu kallo suka tsayar da bidiyon, wurin da suka tariyo baya suka sake kallo, da abin da ya faru da aka ba su tambayoyin gwaji. Kuma ba ɗaya-ɗaya zai dube su ba, sai ya jera su gefe da gefe, domin kowanne shi kaɗai yana iya yaudararsa.

Mu fara da layik ɗin kansa. A wurinmu danna shi godiya ce da zumunci. Mutum ya ga ɗan unguwarsu ya yi ƙoƙari, ya ji an buɗe da sallama da addu'a, ya ji Hausa mai daɗi, sai ya danna, sau da yawa tun bidiyon bai kai minti ɗaya ba. Wannan hali ne mai kyau, ba na so ya gushe. Amma ana danna shi ne kafin a gwada ilimin a jikin mota, don haka ba shi da hanyar da zai gaya mana ko ilimin ya zauna. Ga kuma wani gibi: tun watan Nuwamba na 2021 YouTube ya daina nuna wa jama'a adadin waɗanda suka danna alamar rashin so. Yaron da ke zaɓen bidiyo yanzu yabo kawai yake gani, ba ya ganin waɗanda suka gwada suka ƙona fis suka dawo da fushi.

Akwai abin da ya fi wannan zurfi, kuma masu bincike sun gwada shi. A 2013 Shana Carpenter da abokan aikinta a Jami'ar Jihar Iowa ta Amurka sun nuna wa ɗalibai gajeren bidiyo iri biyu. Malama ɗaya ce, bayani ɗaya ne. A na farko tana tsaye a miƙe, tana kallon kyamara, magana na fita sumul. A na biyu ta sunkuya kan takarda tana karantowa tana sarƙewa. Waɗanda suka kalli na farko sun yi hasashen za su tuna abu mai yawa, sun kuma fi yaba malamar. Da aka yi gwaji, makin ɓangarorin biyu kusan ɗaya ne. Wato daɗin sauraro yana sa mutum ya ji kamar ya iya, alhali iyawar ba ta ƙaru ba. Layik daga wannan jin yake fitowa.

Kada mu tsaya a magana sama-sama. Mu ƙaddara wani ogan rewaya a Dilimi ya yi bidiyo na minti 9 kan yadda ake rarrabe laifin batir da laifin altaneta ta amfani da mita. Darasi ne da ya dace da Jos, domin a sanyin Disamba da Janairu, batirin da ya raunana shi ne ke fara ƙin tayar da mota da asuba, kuma direbobi da yawa kan sayi sabon batir alhali abin da ke cajinsa ne ya mutu. Ilimin da ke cikin darasin ba shi da yawa, amma kowane mataki na da muhimmanci. A sa baƙar wayar mita a ramin COM, ja a ramin da ke da alamar V, a juya makunnin zuwa 20 a ɓangaren DCV. Idan inji na kashe kuma batirin ya huta, mai cikakken caji zai nuna 12.6 ko kusa da haka; idan ya nuna 12.2 cajin ya kai kusan rabi. Sai a tayar da mota. Idan altaneta na aiki, a yawancin motocin da ke kan titunanmu lambar za ta hau zuwa tsakanin 13.8 da 14.4. Idan ta tsaya a 12 da ɗan wani abu ko ta riƙa sauka, caji ba ya shiga: sai a duba fanbel, a duba wayoyi da fis, a duba altanetar. Idan ta haura 15, caji ya yi yawa, batirin zai dahu. A ƙarshe ogan ya yi gargaɗi kan wata tsohuwar dabara da ake yi a gareji, ta cire kan batir mota na kunne don a ga ko za ta mutu. A motocin da ke da kwamfuta, wannan na iya ƙona ta.

Mu ƙaddara kuma bidiyon ya samu kallo 2,000 da layik 400. Kowa zai ce an yi nasara. Amma ogan ya buɗe YouTube Studio, ya shiga wurin da aka rubuta Audience retention. A nan akwai layi da ke tafiya daga farkon bidiyo zuwa ƙarshe, yana nuna kashi nawa na masu kallo ke nan a kowace daƙiƙa. Inda layin ya gangara, mutane sun fita ko sun tsallake. Inda ya yi tudu, an tariyo an sake kallon wurin. Ogan ya ga abu huɗu. Layin ya faɗo sosai a minti na farko, lokacin da yake gaisuwa da roƙon a bi shafinsa. Ya yi tudu mai tsini a 2:40, inda yake saita mita. Ya yi wani tudun mai faɗi a 5:10, inda yake faɗin lambobin caji. Daga 6:30, inda gargaɗin cire kan batir yake, layin ya tafi shafe ba tudu ba kwari, amma waɗanda suka rage ba su kai kashi 30 cikin 100 ba.

Faɗuwar farko ba ta buƙatar dogon tafsiri: a taƙaita gaisuwa, a nuna mota da mita tun daƙiƙun farko. Tudun nan biyu su ne abin tunani, domin a ido kamar abu ɗaya suke faɗa, wato an sake kallo. To don me aka sake? Mutum na tariyo bidiyo saboda wurin ya yi masa amfani yana son ya haddace, yana kuma tariyowa saboda bai gane komai ba. Layin ba ya bambance su. Wanda ya ɗauki kowane tudu a matsayin yabo zai ci gaba da maimaita kuskurensa yana murna.

Binciken da ya fi bin diddigin wannan shi ne na Juho Kim da Philip Guo da abokan aikinsu a 2014. Sun duba danne-dannen ɗalibai daƙiƙa bayan daƙiƙa a bidiyo 862 na darussan edX, dandalin da MIT da Harvard suka kafa. Sun ga fiye da rabin kallon ba ya kaiwa ƙarshe, kuma da yawa tun a farko-farko ake fita. Da suka duba tuddan, sai suka ga kashi 61 cikin 100 na faruwa ne a inda hoton ya canja: an ɗauke allo an dawo fuskar malami, ko an wuce zuwa wani shafi kafin ɗalibi ya gama karantawa. Wasu tuddan kuma na masu bin mataki ne, suna kallo suna yi da hannunsu. Darasin da mai koyarwa zai ɗauka a nan mai sauƙi ne. Idan ka ga tudu, ka je daidai wurin ka kalli daƙiƙa goma kafinsa da goma bayansa da idon wanda bai san komai ba. Sau da yawa laifin ba na bayani ba ne, na kyamara ne.

Ogan namu ya yi hakan. A 2:40 ya ga babban yatsansa ya rufe makunnin mita a daidai lokacin da yake juyawa, bakinsa kuma “nan za ka kai shi” kawai ya ce, bai ambaci 20 ba, bai ambaci DCV ba, sannan kyamarar ta koma kan batir nan take. Yara sun tariyo sau uku, sau huɗu, suna leƙen abin da ba ya ganuwa. A 5:10 kuwa lambobin a fili ya faɗe su, ya maimaita, ya nuna su a fuskar mita. Zato mai ƙarfi shi ne a nan rubutawa ake yi ko haddacewa. Amma har yanzu zato ne, sai gwaji ya tabbatar.

Kafin mu kai ga gwajin, a tsaya kan tsayarwa, domin ita ce alamar da aka fi yi wa gurguwar fahimta. YouTube Studio ba ya ba mai bidiyo adadin tsayarwa. Manhajojin makaranta irin su edX ne ke rubuta kowace tsayarwa da kowane tsalle, Edpuzzle kuma na nuna wa malami sau nawa kowane ɗalibi ya kalli kowane yanki. Ko a inda ake samun adadin, a garinmu tsayarwa na da dalilan da ba su shafi darasi ba. Kwastoma ya shigo. Oga ya kira a miƙo sufana. An kira salla. Sabis ya ɗauke. Abin da ke ba tsayarwa ma'ana shi ne taruwarta: idan dalilin na waje ne, za ta warwatsu ko'ina a tsawon bidiyon, idan mutane da yawa suka tsaya a daƙiƙa ɗaya, to wurin ne ya tsayar da su. Sannan a duba abin da ya biyo baya. Wanda ya tsayar na rabin minti ya ci gaba, mai yiwuwa mitarsa yake saitawa, kuma a darasin aikin hannu wannan ita ce tsayarwar da ake nema. Wanda ya tsayar, ya tariyo, ya sake tsayarwa a wuri guda, ya maƙale ne. Wanda ya tsayar bai dawo ba, an rasa shi. Bidiyon koyon sana'a da aka kalle shi daga farko zuwa ƙarshe babu wanda ya tsayar ko sau ɗaya, ni tsoro yake ba ni, domin alama ce an kalle shi hannu a aljihu.

Yanzu gwajin. Ogan ya shirya tambaya huɗu a Google Forms, kowace da zaɓi huɗu, ya sa mahaɗin a ƙarƙashin bidiyo, ya kuma tura a zauren WhatsApp na yaran layinsu. Ya lura cewa waɗanda ya san sun fara sun fi waɗanda amsarsu ta iso yawa nesa ba kusa ba: a ce mutum 120 suka buɗe, 45 suka kammala. Wannan lamba ta kammalawa ita ma labari ce, amma sai a yi hattara da ita. Ƙarancin kammalawa na iya nufin darasin bai ba yaro ƙarfin gwiwar amsawa ba. Yana kuma iya nufin tambayoyin da Turanci aka rubuta su, ko an nemi mutum ya shiga da adireshin imel ɗin da ya manta lambar sirrinsa, ko an ce ya rubuta dogon bayani da yatsa mai baƙin mai. Dole a kawar da waɗannan shingaye tukun, kafin a ɗora wa bidiyo laifi ko a ba shi lada. Tambaya ta zama da Hausa, gajeriya, ba ta wuce huɗu ko biyar ba, amsa kuma da dannawa ɗaya.

Ga abin da mutum 45 ɗin suka amsa, a misalinmu. Tambaya ta farko, lambar batir mai cikakken caji: 41 suka ci. Ta biyu, hoton mita huɗu, wanne aka saita daidai: 18 suka ci. Ta uku, mota a kashe mita ta nuna 12.6, an tayar ta nuna 12.1, ina za ka fara dubawa: 33 suka ci. Ta huɗu, ko ya dace a cire kan batir inji na aiki don gwada caji: 14 kawai suka ci.

A jera waɗannan kusa da layin kallo, sai hoto ya fito. Tudun 5:10 ya haɗu da cin tambaya ta farko da ta uku, don haka maimaitawar koyo ce. Kada a taɓa wannan yankin. Tudun 2:40 ya haɗu da faɗuwa a tambaya ta biyu, don haka maimaitawar ruɗewa ce. A sake ɗaukar wurin, a matso da kyamara, a ɗauke yatsa, a faɗi lambar da baki, a bar hoton ya tsaya daƙiƙa biyar. Kuma a tuna cewa a tambaya mai zaɓi huɗu, ko da ka aka yi ta kusan mutum 11 cikin 45 za su dace. Don haka 18 ba “kusan rabi sun gane” ba ne, ɗan sama da canki-canka ne kawai.

Tambaya ta huɗu ita ce ta fi ba ni sha'awa, kuma ita ce dalilin da ya sa nake cewa gwaji ne alƙali. A 6:30 babu tudu, babu alamar wani ya maƙale. Wanda ke duba layi kawai zai ce wurin ya tafi lafiya. Amma nan ne aka fi faɗuwa, kuma nan ne kuskure ya fi tsada, domin kwamfutar mota ba abin wasa ba ce a aljihun yaro ko na ogansa. Dalili biyu ne suka haɗu. Na farko, yawancin masu kallo sun riga sun tafi kafin a iso wurin. Guo da Kim da Rob Rubin, a wani binciken na 2014 da ya duba kallo miliyan 6.9 a edX, sun ga cewa komai tsawon bidiyo, matsakaicin mai kallo ba ya wuce kimanin minti 6. Ɗaliban darussan jami'a ne aka auna, ba doka ba ce a kan kowa, amma ya isa ya hana mutum ajiye gargaɗi mafi muhimmanci a minti na bakwai. Na biyu, waɗanda suka kai wurin sun zo da abin da suka riga suka yarda da shi. Sun ga manya na cire kan batir shekara da shekaru. Jimla ɗaya mai santsi ba ta isa ta tumɓuke wannan ba. Ta wuce ta kunne, yaro ya gyaɗa kai, tsohon sani ya zauna daram.

Derek Muller ya ga irin wannan a binciken digirinsa na uku a Jami'ar Sydney, wanda ya kammala a 2008. Ɗaliban kimiyyar lissafin motsi da suka kalli bayani tsararre kan dokokin Newton sun ce bayanin a fili yake, ƙarfin gwiwarsu ya ƙaru, amma makinsu kusan bai motsa ba. Waɗanda aka nuna musu bidiyon da ya fara kawo kuskuren da mutane suka saba yi, sannan aka warware shi, sun fi cewa ya wahalar da su, amma su ne makinsu ya tashi. Ga ogan Dilimi, gyaran shi ne ya cire wannan gargaɗi ya yi masa nasa bidiyon na minti 3. Ya fara da faɗin dabarar kamar yadda ake yinta a gareji, ya yarda cewa a tsofaffin motoci marasa kwamfuta an daɗe ana yi ana tsira, sannan ya bayyana cewa batir ne ke shanye hawa da saukar wutar altaneta, idan aka cire shi wutar na iya yin tsalle ta bugi kayan lantarki. Irin wannan bidiyon zai iya samun layik ƙasa da na farko, domin ya taɓa abin da wasu manya ke yi. Ni a ganina shi ne ya fi cancantar datar yaro.

Za a ce min, duk wannan na mai YouTube ne, alhali a nan bidiyo ba ta nan ya fi yawo ba. Gaskiya ne. Mutum ɗaya ke saukewa, sauran su karɓa ta Xender ko WhatsApp, ko a je wurin masu tura fina-finai a cika memori. Tun da hukumar sadarwa ta NCC ta amince da ƙarin kuɗin kira da data har kashi 50 cikin 100 a Janairun 2025, wannan hanya ta ƙara ƙarfi. Bidiyon da aka kalla ta haka ba ya barin sawu a wurin mai shi. Ga shi kuma waya ɗaya kan tara kai huɗu ko biyar, na'ura ta ƙirga su mutum ɗaya. Wannan matsala ba baƙuwa ba ce a Jos. Kamfanin uLesson, wanda Sim Shagaya ya kafa a 2019 kuma ya fara aikinsa a garin nan, da farko a katin memori ya riƙa zuba darussansa saboda tsadar data, ya kuma haɗa bidiyon da tambayoyin gwaji a cikin manhaja ɗaya.

Wanda ba shi da manhaja yana da abin da kamfani ba shi da shi: ɗalibansa na bakin ƙofarsa. Kafin ya saki bidiyo, ya kira yara biyar waɗanda ba su taɓa yin aikin ba, ɗaya bayan ɗaya. Ya ba kowanne waya da mita da batir, ya koma gefe da takarda, ya yi shiru. Duk inda yaro ya tsayar, ya rubuta minti da daƙiƙa. Duk inda ya tariyo, ya rubuta. Kada ya taimaka, ko da yaron ya ɗago ya kalle shi, domin wanda zai kalla a Gangare ko Rikkos ba shi da wanda zai ɗago ya kalla. Idan uku cikin biyar suka maƙale a wuri ɗaya, ba ya buƙatar wani jadawali. Sannan gwajin ya zama na hannu: ga mota, gaya min ko tana caji. Ga waɗanda ke nesa, ya faɗi tambayoyin da baki a ƙarshen bidiyon, ya nemi a turo amsa da saƙon murya, wanda ya fi sauƙi ga wanda karatun bokonsa bai yi nisa ba. Ƙuri'ar WhatsApp na da sauƙi, amma kowa na ganin inda jama'a suka karkata, sai na baya su bi na gaba. Ta Telegram na da tsarin gwaji mai amsa ɗaya daidai, wanda ba ya nuna sakamako sai mutum ya zaɓa.

Gwajin ma yana da iyakarsa, kuma rashin faɗinta zai zama rashin adalci. Mutum 45 cikin 2,000 su ne masu himma, makinsu ya fi na sauran kyau, don haka abin da ogan ya gani shi ne mafi kyawun hali. Wanda ya ci tambaya ta farko ma, wataƙila ya san amsar tun kafin ya kalla. Hanyar ganewa ita ce a yi wa wasu tambayar kafin kallo, a kwatanta. Abin da aka tuna minti biyu bayan bidiyo ba shi ne abin da zai rage bayan mako guda ba, don haka a sake tura tambaya ɗaya ko biyu ranar Juma'a mai zuwa, da lambobi daban. Tambayar da ta ce “nawa ne lambar” haddar baki take aunawa. Wadda ta ba da hali ta ce “me za ka yi” ita ce ke auna sana'a. Haɗari mafi girma kuwa shi ne ranar da masu ba da kuɗi suka ce da yawan kammala gwaji za su biya: nan da nan za a fara rubuta tambayoyin da jariri zai ci. Maganin wannan shi ne wanda ya yi bidiyo kada ya zama shi kaɗai ke rubuta tambaya. Wani ogan daban, wanda bai ga bidiyon ba amma ya san aikin, shi ya kamata ya ce ga abin da yaro zai iya idan ya koya.

Duk da waɗannan iyakoki, gwaji na da wata riba da layik ba shi da ita: shi kansa koyarwa ne. A 2013 Karl Szpunar da abokan aikinsa a Harvard sun raba laccar bidiyo ta minti 21 gida huɗu, suka sa wa wasu ɗalibai gajerun tambayoyi bayan kowane yanki. Waɗannan ɗaliban hankalinsu bai yi yawo ba sai kusan rabin na sauran, sun fi rubuta abin da suke ji, sun kuma fi cin gwajin ƙarshe. Saboda haka ko da ogan bai taɓa ganin amsa ko ɗaya ba, ya ci riba idan a minti na uku ya ce: “Tsayar da bidiyon nan. Ɗauko mitarka ka saita. Me ta nuna?” Ya mayar da tsayarwa umarni, maimakon ya jira ta faru.

Ina da kira na musamman ga makarantun koyon sana'a, da cibiyoyin da ke shirya yara wa jarrabawar JAMB, da ƙungiyoyin da ke kashe kuɗin tallafi kan darussan bidiyo a Filato. Idan aka kawo muku rahoto mai cewa darasi ya kai ga mutum dubu kaza, ku nemi a nuna muku layin kallo na bidiyo uku, a nuna muku tambayoyin da aka yi, da makin kafin kallo da na bayansa, da kuma wurin da aka gyara saboda abin da aka gani. Wanda bai taɓa sake ɗaukar ko daƙiƙa talatin na bidiyonsa ba, bai taɓa duba waɗannan alamu ba. A kuma kiyaye mutuncin yara: bayanin wanda ya faɗi gwaji na gyaran darasi ne, ba na karantawa a gaban abokansa ba, kuma yawanci ba a ma buƙatar suna.

Shi kuma yaron da ke zaɓen abin da zai kalla da ragowar datarsa, yana da nasa rabon a wannan ma'auni. Tun 2022 YouTube ke nuna wani ɗan tudu a saman layin lokaci na bidiyoyin da suka samu kallo da yawa, inda aka fi maimaitawa. Ya ja yatsa zuwa wurin ya ga ko aiki ake nunawa ko surutu. Bayan ya kalla, ya kife wayar, ya ɗauki mita, ya faɗa wa kansa matakan a jere, ya gwada a batirin da ke ajiye a shago. Matakin da ya kuɓuce masa, nan zai tariyo. Idan ya tariyo sau uku bai samu ba, ya tura wa mai bidiyon saƙo ya ambaci minti da daƙiƙar, domin a gyara wurin kafin na bayansa su iso.